Kati ya ce nauyin Baba daidai yake, amma sai ya dafa bango yake tashi

Assalamu alaikum. Babanmu shekarunai 72. Da munka kai shi asibiti watan jiya an auna shi kilo 61, tsawo santimita 166, anka rubuta BMI 22 a kati, anka ce nauyinai daidai yake. To amma mu da ke gida muna ganin abin da ba mu gane ba. Ƙafafunai sun sirance, ciki ya ɗan fito, ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, wani lokaci ma sallar farilla zaune yake yin ta. Da damina ya yi jinyar zazzaɓi, ya kwanta kusan mako biyu, tun sannan bai koma yadda yake ba. Lokacin da yake aiki kilo 64 gare shi. Tsufa ne kawai, ko akwai abin da sikeli bai gani ba? Kuma ƙaƙa za mu auna a gida?

Wata ɗiya daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya yi muku albarka da kuka sa masa ido haka.

Wanda ya rubuta 22 ɗin nan bai yi kuskure ba, ku ma idonku bai yaudare ku ba. BMI lissafi ne na abu biyu kacal: nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau tsawonsa, wato BMI = kg ÷ (m × m). Ga Baba, 1.66 sau 1.66 ya ba da 2.76, a raba 61 da shi a samu 22.1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai ga baligi, don haka ya faɗa tsakiyar layi. Matsalar ita ce sikeli ba ya tambayar me aka ɗora masa. Ƙashi, tsoka, kitse, ruwan kumburi, har tuwon da aka ci da rana, duk kilo ɗaya yake kiran su. Buhun gero da buhun da aka cika rabinsa da tsakuwa za su iya yin nauyi ɗaya a kasuwa, sai an kwance baki ake sanin wanda za a ci.

Jikin mutum kuwa yana yin irin wannan musayar a hankali. Daga wajen shekara 30 tsoka kan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma gudun raguwar ya ƙaru. A daidai wannan lokacin kitse yana ƙaruwa, yana kuma sauya mazauni: yana barin ƙarƙashin fatar hannu da ƙafa, yana taruwa a cikin ciki kewaye da hanji da hanta, wani kuma yana shiga cikin tsokar kanta, kamar farin zanen da kike gani ratsa-ratsa a jikin nama a teburin mahauci. Bari mu yi misali da alƙaluman da muka ƙaga don a ga yadda abin yake. A ce lokacin da Baba yake da kilo 64, kashi 18 cikin ɗari na jikinsa kitse ne. Kitse kenan kilo 11 da rabi, sauran jiki kilo 52 da rabi. A ce yanzu da yake da kilo 61 kitsen ya kai kashi 30 cikin ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne ga dattijo. Kitse ya zama kilo 18 da ɗan wani abu, sauran jiki ya koma ƙasa da kilo 43. Sikeli ya ga kilo uku sun tafi, alhali kusan kilo goma ne suka tafi, kilo bakwai na kitse suka shigo suka rufe gurbin. Kuma da yake kilo ɗaya na kitse ya fi kilo ɗaya na tsoka cin wuri da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai mazagin wando ya matse a ciki yayin da ƙafar wandon ke lilo.

Akwai wata hanyar kuma da lissafin yake ɓoye rama, mutane ba su cika lura da ita ba. Dattijo yana gajarcewa. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna bushewa suna lotsawa, baya yana ɗan rusunawa, ta yadda namiji kan rasa kimanin santimita 3 tsakanin shekara 30 da 70, mace kimanin 5, daga nan kuma abin ya ci gaba. Tunda da tsawo ake rabawa, duk santimitar da ta tafi tana ɗaga sakamakon. Ku duba tsofaffin takardun Baba na aiki ko na asibiti. In aka tarar da can 171 ne tsawonsa, to kilo 61 ɗin nan a kan wancan tsawon 20.9 zai bayar, ba 22.1 ba. In kuma akwai kumburi a ƙafa, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma jiki yana iya tara lita biyu ko uku kafin kowa ya ce ga kumburi.

Jinyar daminar nan da kika ambata ita ce ta fi jan hankalinmu a wasiƙarki. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana goma, ana ba su abinci isasshe, amma suka rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Waɗannan ba su da zazzaɓi, ba su daina cin abinci ba. Mai zazzaɓi da ke kurɓar kunu kaɗan ya ture kwano, jikinsa yana narkar da tsokarsa ne don ya samu abin da zai yaƙi cutar da shi. Saurayi in ya warke yana mayar da abinsa cikin 'yan makonni. Dattijo in ya warke, ya samu kulawar iyali da tuwo da shayi mai sukari, nauyin yana dawowa, amma mafi yawansa kitse ne, domin tsokar tsoho ba ta amsa kiran abinci da sauri kamar ta yaro, sai an haɗa mata da aiki. Shi ya sa za ki ji ana cewa ya murmure, ga kumatu sun dawo, alhali gwiwa ba ta dawo ba. Likitoci suna kiran wannan raguwar tsoka da ƙarfi sarkofeniya, sunan da wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata a 1989, kuma yanzu ana lissafa ta cikin cututtuka masu suna, ana auna ta, ana kuma yi mata magani.

To yanzu awo. Abin da za ku nema bai wuce tef ɗin tela, kujera, da agogon waya ba. Wurin da ya fi faɗin gaskiya a jikin dattijo shi ne sha-raɓa, wato tudun naman bayan ƙwauri, saboda yawancin kaurinta tsoka ce, kitsen ciki kuma ba ya isa can. Mun san ɗiya mace za ta ji nauyin ta ce wa mahaifinta ya naɗe wando, shi ma zai ji. Ki sa ƙaninki, ko mafi kyau jikansa namiji mai wayo, tunda tsakanin jika da kaka akwai wasa, cikin raha za a gama ba tare da Baba ya ji an mai da shi majinyaci ba.

A yi awon da safe, bayan ya dawo daga sallar asuba ya ɗan huta, kafin zaman yini ya tara ruwa a ƙafa. Ya zauna a kujera, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa ba takalmi, gwiwa a lanƙwashe daidai kamar kusurwar ɗaki, ya saki ƙafar kada ya ɗaure ta. A naɗe wando har sama da gwiwa, kuma kada naɗin ya shaƙe ƙafar. Mai awo ya zagaya tef a inda sha-raɓar ta fi kauri, ya ɗan matsa da shi sama, ya ɗan sauko ƙasa, har ya gano inda lambar ta fi girma. Tef ya kwanta a kan fata ba gibi, ba kuma lotsawa, ya zagayo a miƙe ba a karkace ba. A karanta har da ɗigon milimita, a sake sau biyu, in awon biyu sun bambanta da fiye da rabin santimita a yi na uku. A auna ƙafafu biyun, a rubuta kowacce da ranar da aka yi.

Kurakurai uku ne suka fi ɓata wannan awo. Na farko, tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan, telolinmu kuwa da inci suka saba. In kin ga lamba tsakanin 11 da 15, inci ake karanta miki, a juya tef. Na biyu, tsohon tef yana miƙewa, sai ya riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya. A gwada shi a jikin rular 'yan makaranta mai santimita 30 kafin a fara. Na uku shi ne ja da ƙarfi. Naman dattijo yana da laushi, ja kaɗan zai cinye santimita guda.

Ga yadda za ku karanta abin da ya fito. Kwamitin masana na ƙasashen Asiya, a ƙa'idarsa ta 2019, ya ce namijin da kewayen sha-raɓarsa bai kai santimita 34 ba, ko macen da nata bai kai 33 ba, a bincike su don ƙarancin tsoka. Akwai tsohon ma'auni na santimita 31 da aka daɗe ana amfani da shi wajen tantance rashin abinci mai gina jiki a tsofaffi, wanda ya sauka ƙasa da shi kuwa ramarsa ta yi nisa. A inci, 34 ta yi daidai da 13.4, 33 ta yi 13, 31 kuma 12.2. A ce jikan ya auna ya samu 31.5 a dama, 31.2 a hagu. Wannan ya gaza 34 da santimita biyu da rabi, yana dab da layin ƙasa, a jikin mutumin da katinsa ya ce komai daidai. Da yake BMI ɗin Baba yana tsakanin 18.5 da 24.9, lambar da tef ya bayar ita za a ɗauka yadda take. Amma in za ku auna Inna ko wata gwaggo mai jiki, sai an yi ragi, domin kitsen ƙarƙashin fata yana ƙara wa ƙafa kauri: mai BMI 25 zuwa 29.9 a cire santimita 3 daga abin da aka samu, mai 30 zuwa 39.9 a cire 7. Tsohuwa mai BMI 31 da sha-raɓa 38, in an cire 7 saura 31, ita ma ta shiga sahun masu ƙarancin tsoka duk da ana ganin ta cika kujera.

In babu tef a kusa, akwai dabarar da masu bincike a Japan suka gwada. Baba ya haɗa manyan yatsunsa biyu da manunansa biyu su yi zobe, ya zagaya su a inda sha-raɓa ta fi kauri. In yatsun ba su haɗu ba, da sauran nama. In sun haɗu cif, a sa ido. In sun haɗu har da sarari tsakanin zoben da ƙafa, tsokar ta yi ƙasa. Da yatsunsa za a yi, ba na wani ba, domin girman hannun mutum yana tafiya da girman jikinsa.

Kafin ku yarda da kowace lamba, a danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu, a riƙe sakan biyar a ɗaga. In rami ya zauna, akwai ruwa, kuma tef zai ba da lambar da ta fi gaskiya girma. Ciwon zuciya, ƙoda da hanta suna kawo haka, haka ma wani maganin hawan jini da ake yawan bayarwa, amlodifin. A irin wannan hali a koma damtse: a sami tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, hannu a sake a gefe, a auna, a kuma tsunkulo fatar bayan damtsen a ji ko kaurin na nama ne ko na kitse da fata mai reto. In kuma ƙafa ɗaya ce ta fi ɗayar da santimita uku ko fiye, musamman in da zafi ko ciwo, a bar maganar awo a tafi asibiti a ranar, don yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya.

Wani abin lura: waɗannan lambobi a jikin mutanen Asiya, Turai da Amurka aka fitar da su. A Sakkwato akwai gidajen da siririn ƙwauri gadonsu ne, za ki ga dattijon Bafulatani ƙafa kamar sanda amma ya yi tafiyar da saurayi zai nemi inuwa. Saboda haka lamba 33 ita kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da cuta ba. Abu biyu ne ke ba ta nauyi: a ga tana sauka daga wata zuwa wata, ko a ga ƙarfi ya tafi tare da ita. Masana na Turai ma a ƙa'idarsu ta 2019 ƙarfi suka sa a gaba, yawan tsoka ya biyo baya, domin ƙarfi yana riga kauri tafiya, kuma shi ya fi nuna wanda zai faɗi.

Gwajin ƙarfin da ya fi dacewa da gida shi ne na kujera. A sami kujera mai tauri, tsawon mazauninta daga ƙasa kimanin santimita 43 zuwa 45, a jingina ta da bango don kada ta zame. Kushin ɗin falo ba zai yi ba, yana nutsewa, farar kujerar roba kuma in ta tsufa ƙafafunta suna buɗewa. Baba ya zauna a tsakiya, tafin ƙafa a ƙasa, ya rungume hannuwansa a ƙirji. Namiji mai ƙarfi ya tsaya a gefensa. A fara da tashi ɗaya. In ba zai iya ba sai da hannu, gwajin ya ƙare, amsar ta fito. In ya iya, sai ya tashi ya miƙe sosai ya zauna sau biyar a jere, da saurin da zai iya, a danna agogo daga kalmar "tashi" har ya miƙe a karo na biyar. Fiye da sakan 15 rauni ne a ma'aunin Turai, na Asiya ma daga sakan 12 yake fara zargi. A ce Baba ya yi 18: ga sha-raɓa 31.5, ga kujera 18, shaidu biyu sun haɗu, magana ta wuce zato. Sai dai ciwon gwiwa yana iya rage saurin mutum ko da tsokarsa na nan, don haka a tambaye shi abin da ya tsayar da shi, zafi ne ko ƙafar ce ta ƙi ɗauka. In jiri ya kama shi ko ƙirji ya ɗaure, a tsaya nan take.

Gwaji na biyu tafiya ce. A auna mita huɗu a tsakar gida inda ƙasa take a daidaice, a ja layi biyu da gawayi, ya yi tafiyarsa ta kullum, irin wadda yake yi zuwa masallaci, da sandarsa in yana riƙewa. Sakan biyar ko fiye a mita huɗu yana nufin saurinsa bai wuce mita 0.8 a sakan ba, kuma wannan alama ce cewa abin ya fara taɓa rayuwarsa ta yau da kullum. A yi sau biyu a ɗauki mafi sauri. Kada a gaya masa lambar da ake nema, dattawa ba sa son faɗuwa jarrabawa a gaban jikoki, zai yi saurin da ba nasa ba.

Babbar riga tana rufa asiri ƙwarai, don haka idon mai kawo abinci yana da amfani a wuraren da riga ba ta rufe ba. Ki dubi gefen goshinsa tsakanin ido da kunne, ko ya lotsa. Ki dubi bayan hannunsa lokacin da ya ɗauki kofi, tudun naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ko ya zama kwari. Zoben azurfa da ya fara juyawa da kansa, agogon da aka ƙara wa huda, butar da yanzu sai an rage mata ruwa, murfin gora da yake miƙo wa yaro ya buɗe masa, duk bayanai ne da ya kamata a rubuta a kai wa likita.

Da wannan takarda za ku koma asibiti, kuma ku faɗi abin da kuke so a duba kai tsaye: ƙarfi da tsoka. A manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku nemi a haɗa ku da sashen gashi da motsa jiki da kuma masu ba da shawarar abinci. Akwai 'yar na'urar da ake matsewa da hannu tana nuna ƙarfin damƙa a kilo. Ƙasa da 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, rauni ne. Awon tsoka na ainihi da na'urar hoto ake yi, wadda za ki ga an rubuta DXA, ko da wadda ke tura 'yar wutar da ba a ji ta cikin jiki, BIA. Abin da ake nema shi ne nauyin naman hannuwa da ƙafafu a haɗe, a raba da tsawo sau tsawo, kamar dai lissafin farko amma da tsoka zalla. Iyakar ita ce 7.0 ga namiji, 5.5 ga mace. Ga mai tsawon Baba, 7.0 sau 2.76 ya ba da kilo 19.3, in naman gaɓoɓinsa huɗu bai kai haka ba, ƙarancin ya tabbata. Game da BIA, har da sikelin zamani da ake sayarwa mai nuna kitse da tsoka, ki sani ruwan jiki yake karantawa ya yi hasashen sauran. A zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato, ko da yammacin ranar azumi, jikin da ya bushe zai ba da sakamako dabam da na safiya, mai kumburi kuma a nuna shi da tsokar da ba shi da ita. A hau shi da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, kuma wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya kada ya hau.

Akwai tarko ɗaya a gwajin jini da ya kamata ki sani. Ana duba lafiyar ƙoda da wani sinadari, kiriyatinin, wanda tsoka ce ke samar da shi. Mai ƙarancin tsoka kaɗan yake samarwa, sai sakamakonsa ya fito da kyau ko da ƙodar ta fara gajiya. Ki gaya wa likita awon sha-raɓar, zai san yadda zai karanta takardar, kuma yana da tasiri kan yawan maganin da zai rubuta.

Kada a ɗora wa tsufa komai kafin a kore abin da ke cin tsoka a ɓoye. Ciwon suga yana kan gaba, sai tarin fuka, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, cutar maƙoƙo mai sa rama, da ciwon daji. Tari fiye da mako biyu, gumin dare, yawan ƙishirwa da fitsari, wahalar haɗiya, baƙin bayan gida, ko raguwar kilo uku cikin wata shida ba da niyya ba, kowanne dalili ne na zuwa asibiti a wannan makon. Raunin da ya zo farat ɗaya ko a gefe ɗaya na jiki kuwa maganar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a kwana da ita. Sannan ki tattara duk magungunan da ke ɗakin Baba a leda, har da ƙullin da ake haɗowa daga kemis don ciwon gwiwa. Sau da yawa a ciki akwai deksametazon ko firednisolon. In an daɗe ana shan su, suna narkar da naman cinya da ɗuwawu, su tara kitse a ciki da fuska, su ɗaga suga, wato ainihin siffar da kika zana. In kin same su kada a yanke shan su rana ɗaya, yin haka yana da haɗari, likita ne zai rage su mataki-mataki.

In an kore waɗannan, maganin shi ne motsa jiki da abinci. Ƙarin ruwa, maganin ƙarin jini na kwalba da ƙwayoyin sa cin abinci ba sa gina tsoka, na ƙarshen ma kitse suke ƙarawa su sake ɓoye matsalar. Kujerar da aka yi gwaji da ita, ita ce kayan aikin: tashi da zama sau takwas zuwa goma, a huta minti biyu, a sake, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako da hutun yini a tsakani. In bai iya ba hannu ba, ya fara da dafa gwiwa ko a ɗora matashi mai tauri a ƙara wa kujerar tsawo, a riƙa ragewa. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugansa ya sauke a hankali sau goma, wannan na sha-raɓa ne. Idan goma ta zama wasa, a ba shi gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ya rungume, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai nauyin ya ɗan fi abin da ta saba. Tafiya masallaci tana da kyau ga zuciya da suga, amma ita kaɗai ba ta mayar da naman cinya. Kuma ku rage yi masa komai. Ladabi ne a karɓe masa buta da tabarma, sai dai duk abin da aka ɗauke masa, an ɗauke wa tsokarsa aiki.

Abinci kuma, dattijo yana buƙatar furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato giram 61 zuwa 73 ga Baba, in dai ƙodarsa lafiya take. In tana da matsala, likita ne zai yanka masa adadi. A raba shi gida uku, kimanin giram 20 zuwa 25 a kowane ci, don tsokar tsoho ba ta motsawa da ɗan kaɗan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara ko kindirmo mai kauri kimanin 8, kofin dafaffen wake kimanin 13, dafaffen nama ko kifi girman tafin hannu ba yatsu 20 zuwa 25. Inda gidajenmu suka fi samun gibi shi ne safiya: koko ko shayi da burodi kusan ba su da komai. A ƙara ƙwai biyu da kofin madara, ko ƙosai da alale, an kai ashirin. Furar rana a dama ta da nono mai kauri wanda ba a tsinka da ruwa ba. In haƙora sun yi rauni, naman da aka tura gefen kwano ba a ci shi ba, a koma dambun nama, kifi, awara, ko garin ƙuli-ƙuli a miya.

A maimaita gwajin kujera duk wata, awon sha-raɓa duk wata uku, mutum ɗaya, tef ɗaya, lokaci ɗaya. Cikin mako huɗu zuwa shida na farko za ku iya ganin sakan 18 sun koma 15 ko ƙasa alhali tef bai motsa ba, saboda jijiyoyi ne suke fara koyon kiran tsokar da ta rage kafin sabon nama ya zo. Kauri sai bayan wata biyu zuwa uku yake fara nunawa, kuma rabin santimita ma ci gaba ne. In kuwa an yi wata uku ana aiki ana ci, tef yana ƙara sauka ko lokacin kujera yana ƙara tsawo, a koma wa likita da takardar, a sake neman abin da ke cin naman.